Idan maganin barci ya tayar da hankali maimakon ya kwantar da shi

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi magungunan sa barci da kwantar da hankali. Mun san rashin barci ya yi yawa a cikinmu tun da muka baro gida. Wani da ya rufe ido sai abin da ya gani ya dawo masa, wani kuma tunanin gona da dabbobi da dangi ne ke hana shi runtsawa. Shi ya sa mutane da yawa ke neman ƙwayar barci, wasu a asibitin sansani, wasu a hannun masu tallar magani a kasuwa.

Yawancin waɗanda suka sha irin wannan ƙwaya barci suke yi. Amma akwai 'yan kaɗan da take yi wa aiki a juye. Maimakon mutum ya natsu, sai ya kasa zama wuri ɗaya, ya yi ta surutu, ya yi faɗa, wani har ya kai duka. Abin da muke so kowane gida ya riƙe shi ne wannan: idan aka ba mutum maganin barci, sai ya rikice cikin awa ɗaya ko biyu, to a fara zargin maganin, kuma kada a ƙara masa wata ƙwayar.

Waɗanne magunguna muke nufi

Na farko kuma mafi yawa a hannun mutane shi ne diyazefam, wanda aka fi sani da Baliyam. Tun shekarar 1963 yake kasuwa, kuma ana yin ƙwayarsa da ƙarfi uku: miligiram 2, miligiram 5 da miligiram 10. Magani ne mai amfani ƙwarai a hannun likita. Da shi ake tsayar da jijjiga idan ta kama yaro ta ƙi saki. Yana da 'yan'uwa masu aiki irin nasa, kamar midazolam da ake yi wa mutum allurarsa kafin ƙaramin aiki a asibiti.

Na biyu shi ne finobabiton, wanda ake ba masu farfaɗiya su riƙa sha kullum. Na uku su ne magungunan mura da ƙaiƙayi masu sa gyangyaɗi, irin su Firiton da Finagan. Waɗannan ba don barci aka yi su ba, amma wasu iyaye kan ba yaro don ya yi shiru da dare. Dukkan ukun suna iya juyewa. Za mu fi tsayawa a kan diyazefam, domin shi ne ya fi jawo rigima a cikin gida.

Yadda abin yake faruwa

Mu kwatanta mutum da doki da mahayinsa. Dokin shi ne fushi da tsoro da sha'awa da ke cikin kowannenmu. Mahayin shi ne sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi. Shi ke riƙe da linzami. Shi ne ke ce wa mutum ya yi haƙuri, ya ji kunyar surukinsa, ya haɗiye maganar da ta zo masa baki.

Aikin diyazefam shi ne rage saurin ƙwaƙwalwa. A cikinta akwai wani sinadari na halitta da ke sassauta aikin jijiyoyi, maganin kuma ƙara masa ƙarfi yake yi. A wurin yawancin mutane, doki da mahayi tare suke yin sanyi, sai barci ya zo. Bayanin da likitoci suka fi bayarwa game da waɗanda abin ke juye wa shi ne, mahayin ne ke fara gyangyaɗi alhali dokin yana farke. Linzami ya saki, babu mai ja. Sai tsoro da fushin da mutum ya daɗe yana dannewa su fito ba tare da wani shamaki ba. Wanda ya taɓa ganin yadda giya ke sa mai kunya ya zama mai surutu da neman faɗa ya ga irin wannan, domin giya ma ta wannan hanya take bi a ƙwaƙwalwa.

Abin ba ya da yawa. A cikin mutum 100 da suka sha diyazefam ko 'yan'uwansa, waɗanda yake juye wa ba su kai mutum ɗaya ba. Amma a wurin da ake sayen ƙwayar ba tare da takardar likita ba, kuma ake ba tsoho abin da ya dace da saurayi, dole a riƙa cin karo da shi.

Akwai wani abu kuma da ke ruɗa iyali. Diyazefam yana hana ƙwaƙwalwa ajiye abin da ya faru bayan an sha shi. Saboda haka mutum na iya tashi da safe bai tuna ko ɗaya daga cikin abin da ya yi da dare ba. Idan ya rantse bai zagi kowa ba, mai yiwuwa ba ƙarya yake yi ba.

Su wa abin ya fi kamawa

Tsofaffi ne a gaba. Dalili biyu ne. Na ɗaya, ƙwaƙwalwar tsoho ta fi saurin jin magani, musamman wanda ya riga ya fara mantuwa ko ruɗewa. Na biyu, hantar tsoho ba ta saurin fitar da shi daga jiki. A jikin ɗan shekara 20, rabin ƙwayar diyazefam kan fita cikin kamar kwana ɗaya. A jikin ɗan shekara 70 kuwa sai ta ɗauki kusan kwana uku. Idan ana ba tsoho ƙwaya kowane dare, ta jiya ba ta fita ba ta yau ta hau kanta, haka take taruwa. Shi ya sa idan har likita zai ba tsoho, rabin abin da ake ba babba yake ba shi, ko ƙasa da haka.

Sai ƙananan yara. Sashen nan na gaba mai riƙe linzami bai gama ƙwari a wurin yaro ba, don haka abu kaɗan ke sakin sa. Yaron da aka ba Firiton ko Finagan don ya yi barci na iya yin kuka marar tsayawa, ya yi ta birgima, ya ƙi a taɓa shi, idonsa a bushe har asuba. Finagan kam haramun ne ga yaron da bai kai shekara 2 ba, domin yana iya tsayar masa da numfashi. Yaro mai farfaɗiya da aka ɗora a kan finobabiton kuma, wani lokaci sai a ga ya zama mai ƙiriniya da saurin fushi da dukan 'yan'uwansa bayan 'yan kwanaki ko makonni da fara sha.

Na uku su ne masu shan giya ko wasu ƙwayoyi irin su taramol da maganin tari mai kodin. Wanda ya haɗa diyazefam da giya ya sassauta linzami sau biyu. Haɗin kuma yana da wani haɗarin da ya fi faɗa muni, wato numfashi ya yi ƙasa har ya tsaya cikin barci.

Na huɗu su ne waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta taɓa samun rauni: wanda ya bugu a kai, wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki, da wanda aka haifa da jinkirin fahimta. Haka nan wanda dama can yana da saurin hannu da wuyar danne fushi.

Na ƙarshe, duk wanda abin ya taɓa juye masa sau ɗaya. Wannan yana iya sake faruwa da shi ko da wani magani aka ba shi daga cikin dangin diyazefam. Ban da waɗannan, yawan abin da aka sha yana da tasiri a kan kowa. Ƙwaya biyu ta fi ɗaya haɗari.

Misali daga farko har ƙarshe

Mu ɗauki misalin wani dattijo mai shekara 72, mutum mai sanyin hali, wanda bai samu barcin kirki ba tun da suka iso sansani. Ɗansa ya ji tausayinsa, ya sayo ƙwayar diyazefam mai miligiram 5 guda goma a kasuwa. Ranar Litinin bayan sallar isha'i, wajen ƙarfe takwas da rabi, ya ce masa: "Baba, sha wannan ka samu ka runtsa."

Ƙwayar diyazefam kan kai ƙarshen ƙarfinta a jini tsakanin rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi bayan an haɗiye ta. Da misalin ƙarfe tara da rabi sai dattijon ya tashi zaune. Ya fara tattara tabarma yana cewa a tashi a gudu. Ya yi ta jan tantin. Da surukarsa ta ce: "Baba, ka yi haƙuri ka kwanta," sai ya daka mata tsawa ya ture ta, abin da bai taɓa yi ba. Maganarsa tana jan baki kamar ta mai maye, tafiyarsa da tangaɗi.

A nan ne aka ɗauki hanyar da ba ta ɓullewa. Ɗan ya ga kamar ƙwaya ɗaya ba ta isa ba, sai ya lallaɓe shi ya sha ta biyu. Yanzu miligiram 10 ke jikinsa, wato ninki huɗu na abin da likita zai iya fara ba mai shekarunsa. Rikicin ya ƙaru. Ya fita waje, igiyar tanti ta harɗe shi ya faɗi. Maƙwabta suka taru, wasu suka ce iska ce, wasu suka ce taɓin hankali ne, aka ɗaure masa hannu da rawani. Wajen ƙarfe biyu na dare barci ya kwashe shi. Bai farka ba sai hantsi, a gajiye, kuma bai tuna komai ba.

Ranar Talata da dare, don gudun kada abin jiya ya maimaitu, sai aka ba shi biyu tun farko. Amma mafi yawan ƙwayoyin Litinin suna nan a jikinsa ba su fita ba. Daren ya fi na jiya muni.

Ranar Laraba da safe aka kai shi asibitin sansani. Ma'aikaciyar jinya ba ta yanke hukunci nan take ba. Ta auna zafin jikinsa, babu zazzaɓi. Ta yi gwajin maleriya a yatsa, babu. Ta auna sukarin jininsa, daidai yake. Ta duba kansa saboda faɗuwar da ya yi, ta taɓa mararsa ta ji ko fitsari ne ya taru ya ƙi fita, domin wannan kaɗai kan rikita tsoho. Sannan ta tambaya: "Malam, me kuka ba Baba, ƙarfe nawa, kuma guda nawa?" Da ɗan ya fito da sauran ƙwayoyi shida ya faɗi lokutan, sai lissafi ya fito fili. Kafin Litinin lafiyarsa ƙalau ban da rashin barci. Dare biyu a jere, rikicin yana farawa kamar awa ɗaya bayan shan ƙwaya, kuma yana ƙaruwa idan an ƙara.

Maganin da aka yi masa shi ne a daina ba shi. Tun da kwana biyu kawai ya sha, babu laifi a tsayar nan take. An gaya wa iyalin kada su sa ran zai dawo daidai a ranar, saboda jikinsa na buƙatar kwanaki kafin ya fitar da abin da ya taru. An ce a riƙa raka shi bayi don kada ya sake faɗuwa. Zuwa ƙarshen mako ya koma mutumin da suka sani. Rashin barcin kuma aka bi shi ta wata hanyar: zama da mai ba da shawara, rage shayi da goro da yamma, da fita rana da safe.

Yadda za a gane, da abin da ke kama da shi

Babbar shaida ita ce lokaci. A tambayi kai abu uku. Shin an ba shi sabon magani ko an ƙara masa yawan wanda yake sha? Shin rikicin ya fara ne cikin awa ɗaya ko biyu bayan ya sha? Shin wannan hali baƙo ne a wurinsa? Idan amsar duka ukun e ce, to maganin ne babban abin zargi.

Sai dai kada iyali su tsaya a kan zarginsu su zauna a gida, domin akwai cututtuka masu kisa da ke fara wa da irin wannan ruɗewa. Maleriyar da ta hau kai tana zuwa da zazzaɓi, wani lokaci da jijjiga. Sanƙarau yana zuwa da zazzaɓi da ciwon kai da sandarewar wuya. Faɗuwar sukari, musamman ga mai ciwon suga ko wanda ya daɗe bai ci abinci ba, tana zuwa da gumi da rawar jiki. Waɗannan duka sai gwaji ke raba su.

Akwai kuma wani abu da ke kama da wannan alhali kishiyarsa ne. Wanda ya yi makonni yana shan diyazefam kullum, jikinsa ya saba da shi. Idan ƙwayar ta yanke masa kwatsam, bayan 'yan kwanaki zai fara rawar hannu, gumi, fargaba da faɗa, har yana iya yin jijjiga. Na farko ya rikice ne don ya sha, wannan kuwa don ya daina. Saboda haka wanda ya daɗe a kan diyazefam ba ya dainawa dare ɗaya, likita ne ke rage masa kaɗan-kaɗan. Haka ma yaro mai farfaɗiya: ko da kun ga finobabiton ya canza masa hali, kada ku tsayar da kanku, domin farfaɗiyar na iya dawowa da ƙarfin da ya fi na da. Ku kai shi a duba ko za a rage ko a sauya masa wani.

Abin da za a yi a daren

Kada a ƙara ƙwaya, kuma kada a ba shi wani maganin barci na daban ko na gargajiya a kai. A fitar da yara daga tantin. A kawar da wuƙa, taɓarya, fitilar kananzir da murhu. A sallami 'yan kallo, domin taro da hayaniya suna ƙara masa tsoro. Mutum ɗaya ko biyu da ya fi yarda da su su zauna da shi, su kunna tocila don ya ga fuskokinsu, su kira shi da sunan da ya saba ji, su riƙa gaya masa inda yake da murya ƙasa-ƙasa. Kada a yi masa gardama a kan abin da yake faɗa. Idan yana son zagayawa, a bi shi a gefe a tare shi daga igiyoyi da ramuka.

Kada a ɗaure shi, kada a doke shi, kada a danne shi rub da ciki ko a hau ƙirjinsa. Wanda ya sha maganin barci numfashinsa ya riga ya yi rauni, dannewa na iya ƙarasa shi. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwan gishiri don ya yi amai, saboda yana iya shaƙewa abin ya wuce huhu. Mai son yi masa addu'a ya yi, amma a aika a kira ma'aikacin lafiya na unguwa a lokaci guda.

Idan barci ya ɗauke shi, a kwantar da shi a gefe ɗaya, wani ya zauna yana lura da numfashinsa. A garzaya asibiti ko ƙarfe nawa ne idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan: numfashi ya yi nisa tsakani ko yana da wani irin minshari mai sarƙewa, an girgiza shi bai farka ba, leɓensa ya sauya launi, yana da zazzaɓi ko jijjiga, ya bugu a kai, ko an san ya haɗa da giya ko taramol ko kodin. Yaro ƙarami kuwa a kai shi kai tsaye ba tare da jira ba. A tafi da kwalin maganin ko sauran ƙwayoyin, a kuma faɗi gaskiyar guda nawa aka ba shi. Ma'aikatan lafiya ba kama mutum suke yi ba, adadin suke buƙata don su san abin yi.

Bayan ya warke

A roƙi ma'aikacin lafiya ya rubuta sunan maganin a katin asibitin mutumin, da bayanin cewa ya taɓa juye masa. A riƙa faɗin haka duk inda za a yi masa allura ko aiki, ko a wannan sansani ko bayan an koma wani wuri. Wannan ba yana nufin a hana likita amfani da diyazefam idan jijjiga ta kama mutum ta ƙi tsayawa ba. A wannan hali ceton rai ne, kuma a asibiti ana sa ido a kan numfashinsa. Abin da ake so shi ne likita ya sani tun da wuri.

Kada a laƙaba wa mutum sunan mahaukaci saboda dare ɗaya ko biyu. Irin wannan suna ya kan raba aure, ya hana yarinya miji, ya sa a daina sauraron dattijo a cikin iyalinsa, alhali ƙwaya ce ta jawo kuma ta fita.

Wannan uzuri yana da iyaka. Wanda aka ba magani bai san zai juye masa ba, ba a kama shi da laifi. Amma wanda ya riga ya san halin da yake shiga idan ya sha, ya ci gaba da saye yana dukan matarsa ko 'ya'yansa, ba zai fake da ƙwaya ba. Duk wadda ke cikin irin wannan hali, ko maƙwabcin da ke jin kuka a tantin kusa, ya zo ofishin kariya. Ana sauraro cikin sirri, akwai mata masu karɓar mata, kuma ana haɗa mai shan da asibiti don a taimake shi ya rabu da ita a hankali.

Sauran ƙwayoyin da suka rage a gida kuma a miƙa su asibiti, kada a ba maƙwabci don shi ma ba ya barci. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya mayar da mu gidajenmu lafiya.